Kason Gwamnati a Kuɗin Jinga: Yadda Mai Aikin Kansa Zai Tanadi Harajinsa

Galibin maganar wannan zama na Garki ta matasa ce, maza da mata. Waɗanda nake nufi su ne masu aikin kansu, waɗanda ba su da ranar albashi: mai zanen fosta da tambarin kamfani a kwamfuta, mai fassara, mai ɗaukar hoton biki, mai haɗa sola, mai bin ƙauyuka yana tattara bayanai wa ƙungiyoyi, injiniyan da ake kira ya duba gini a sallame shi. A da muna cewa aikin jinga, yanzu jingar ta hau waya, har wani yana zaune a Dutse mai ba shi aiki yana wata ƙasa. Abu ɗaya nake so in kafa hujja a kansa. Harajin irin wannan mutum yana hawa kansa ne ranar da kuɗi suka shigo, ko da yake sai bayan watanni za a tambaye shi, saboda haka ranar da kuɗin suka shigo ya kamata ya cire kason, da lissafi, ya ajiye shi inda hannunsa ba ya kaiwa da sauƙi.

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani bai san wannan damuwa ba, domin kafin albashi ya iso asusunsa an riga an yanke haraji. Kakanninmu ma, duk da wahalar da suka sha, lokacin biyansu ya dace da lokacin samunsu. Haraji da jangali, waɗanda Gwamna Abubakar Rimi ya soke a 1979 lokacin da Garki take cikin tsohuwar Jihar Kano, kowa ya san zagayowarsu, kuma dagaci ya fi matsa wa talaka da kaka, sa'ad da gyaɗa ta shiga kasuwa. Mai aikin kansa na yau ba shi da kaka guda ɗaya. Wata uku zai yi ba ko sisi, sai kwatsam miliyan ta faɗo, sai kuma shiru. Doka kuwa shekara take ƙirgawa, daga Janairu zuwa Disamba, sannan ta ce ya kai bayanin abin da ya samu kafin ƙarshen watan Maris na shekarar da ta biyo. Kuma wurin da zai kai shi hukumar tara kuɗin shiga ce ta jihar da yake zaune, wato mu nan hukumar Jihar Jigawa mai hedikwata a Dutse. Hukumar tarayya ta kamfanoni ce galibi.

Wasu ƙasashe sun lura da wannan rata, sai suka tilasta biya kashi-kashi tun shekara ba ta ƙare ba. A Amurka mai aikin kansa yana ƙiyasta harajinsa ya biya sau huɗu, a tsakiyar Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu. A Birtaniya sau biyu ne, 31 ga Janairu da 31 ga Yuli. Mu a Nijeriya abin da ya fi kusa da wannan shi ne harajin da mai ba ka aiki yake zaftarewa kafin ya biya ka, ya miƙa wa hukuma da sunanka. Kafin alƙalami ne kake ba gwamnati, ko kana so ko ba ka so. A ƙa'idojin da aka fitar a 2024, suka fara aiki a Janairun 2025, ana yanke kashi 5 cikin ɗari a ladan aikin ƙwarewa da ba da shawara, kashi 2 a sayar da kaya da wasu ayyukan hidima, kuma wanda bai ba da lambar shaidar biyan haraji ba ana ninka masa. Ma'aikatun gwamnati da kamfanoni da ƙungiyoyi su ne masu yankewa. Alhajin da ka ɗauki hoton bikin 'yarsa ba ya yankewa, haka ma kamfanin da ke ƙasar waje, alhali mazaunin Nijeriya ana bin sa haraji a kan duk abin da ya samu, daga ko'ina ya fito.

A nan ne kuskure mafi yawa yake faruwa. Mutum ya ga an yanke masa kashi 5, sai ya ce ai ya biya. Bai biya ba, ya dai rage. Kashi 5 ɗin za a ɗebe shi ne daga jimillar abin da ake bin sa a ƙarshen shekara, ya cika saura idan akwai saura, ya nemi a riƙe masa rarar ko a mayar masa idan an yanke fiye da kima. To nawa ne jimillar? Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta jera abin hawa-hawa. Naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye, wato har samu ya kai miliyan 3, kashi 15 ne. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18. Matakan suna ci gaba har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50, amma ukun farko su ne suka shafi yawancinmu. A lura da kyau, kowane mataki yana cin nasa yankin ne kawai. Wanda ya tsallaka miliyan 3 da dubu ɗari, dubu ɗarin nan ce kaɗai take ɗaukar kashi 18. Kuma riba ake ƙirgawa, wato abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin da aikin kansa ya ci.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe, misalin ƙirƙira ne amma lissafinsa na gaske. Wata matashiya tana haya a Dutse, tana fassara da tsara takardu. A shekara ta yi ayyukan da jimillarsu ta kai Naira miliyan 4.8. Daga ciki miliyan 2.4 na ƙungiyoyi ne da suka yanke kashi 5, wato dubu 120 sun riga sun tafi da sunanta. Miliyan 1.5 daga wani kamfani ne na waje, sauran dubu 900 kuma daga ɗaiɗaikun mutane, duka ba a taɓa su ba. Abin da ta kashe don aikin, kuɗin data da man janareto da kuɗin mota zuwa wurin aiki da gyaran na'ura da ladan wanda ya taya ta bugawa, ya kama dubu 900. Ribarta miliyan 3.9 ke nan. Tana biyan hayar gida dubu 300, sabuwar doka kuma ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, muddin rangwamen bai wuce dubu 500 ba, sai ta cire dubu 60. Ya rage miliyan 3.84. Dubu 800 na farko sun wuce kyauta. Miliyan 2.2 a kashi 15 sun ba da dubu 330. Sauran dubu 840 a kashi 18 sun ba da 151,200. Harajinta na shekara Naira 481,200. A ɗebe dubu 120 da aka riga aka yanke, za ta ciro Naira 361,200 daga aljihunta a watan Maris.

Ku dubi wannan adadi ta fuska biyu. Idan ya zo mata a dunƙule, a watan da wataƙila ba aiki, kusan kuɗin wata guda ne na samunta, kuma a 'yan shekarun nan azumi da ƙaramar salla suna faɗowa ne a tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da kowane gida yake neman kuɗin sukari da ɗinkin yara. Idan kuma aka raba harajin gaba ɗaya a kan dukan abin da ya shigo, 481,200 cikin miliyan 4.8 kashi 10 ne, Naira ɗari a kowace dubu. Da a ce duk ranar da alat ya shigo tana tura kashi 10 na kuɗin da ba a yanke ba zuwa wani asusu dabam, da kashi 5 na waɗanda aka riga aka yanke wa 5, da ta tara dubu 240 daga na farkon da dubu 120 daga na biyun, dubu 360 ke nan, saura ƙiris ta cike gurbin. Manomin Garki ya san wannan hikima a zakkar gero: a masussuka ake fitar da dami ɗaya cikin goma, tun hatsi bai shiga rumbu ba, domin wanda ya bari sai bazara zai tarar rumbun ya yi ƙasa kuma zuciya ta yi nauyi.

Sai dai kada wani ya fita daga nan yana cewa malami ya ce kashi 10. Kashi 10 na wannan matashiya ne, a wannan shekara. Kowa zai fitar da nasa daga lissafin bara: ya haɗa abin da ya shigo, ya cire abin da aiki ya ci, ya bi matakan, ya raba harajin da jimillar shigowa. Wanda ribarsa ba ta wuce miliyan ɗaya da rabi ba, harajinsa ba zai wuce dubu 105 ba, kasonsa zai yi ƙasa sosai. Kuma ko ga matashiyar tamu, kason yana da ranar da yake daina isa. A ce a watan Nuwamba wani babban aiki na miliyan ɗaya ya faɗo mata wanda ba ta sa rai ba, kuma bai ci mata wani kuɗi ba. Tunda ta riga ta haye miliyan 3, wannan miliyan gaba ɗayanta a matakin kashi 18 take, harajinta dubu 180. Idan ta ware dubu 100 kamar yadda ta saba, ta bar ramin dubu 80. Shi ya sa shekarar da ta fi albarka ita ce ta fi kama mutane. Maganin shi ne littafi: a ƙarshen kowane wata uku a haɗa ribar da aka tara tun Janairu, a duba matakin da aka kai, a gwada harajin da ya hau da abin da ke cikin asusun ajiya. Da zarar an tsallaka miliyan 3, duk sabon kuɗi a ware masa 18. Wanda lissafi yake ba shi ciwon kai, ya ware kashi 15 tun farkon shekara, abin da ya yi saura a Maris nasa ne.

Akwai wata 'yar takarda da ta fi kowace muhimmanci a wannan harka, ita ce rasit ɗin abin da aka yanke. Dubu 120 ɗin nan da muka ɗebe cikin sauƙi a lissafi, hukuma ba za ta ɗebe su da fatar baki ba. Ƙa'idojin 2024 sun ɗora wa mai yankewa ya ba ka rasit mai ɗauke da sunanka da lambarka da adadin kuɗin da abin da aka yanke, kuma sun ce idan kana riƙe da rasit za a lissafa maka kuɗin ko da shi bai miƙa ba, bashin ya koma kansa. Abin da ke lalacewa a aikace iri uku ne. Wani akanta ya yanke bai ba da takarda ba. Wani ya rubuta suna ko lamba ba daidai ba. Wani kuma, saboda ofishinsu yana Kano ko Abuja, ya tura kuɗin can, alhali kai mazaunin Jigawa ne kuma a Dutse za a neme ka. Alamar farko da za ka gane akwai matsala ita ce ka ga alat na dubu 950 a aikin miliyan ɗaya, wata ya wuce, wani ya shiga, ba wanda ya turo maka komai. A lokacin za ka bi sawu, tun wanda ya biya ka yana kan kujerarsa, domin ƙungiyoyi suna rufe shiri su watse, kuma a watan Maris wayar da kake kira ba za ta shiga ba. Dabara mai sauƙi ita ce tun a takardar neman biya ka rubuta lambarka da jihar da kake zaune. Har rasit ya zo hannu, ka ɗauka kamar ba a yanke ba.

Yanzu ga abin da na san wasunku suna faɗa a zuci. Na farko zai ce, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ajiye tsabar kuɗi wata tara asara ce, gara in sayi buhun riɗi ko zoɓo, ko in ɗaure rago, in sayar idan lokaci ya yi. Wannan magana tana da ƙarfi a kan kuɗin gina gida ko na aure, domin siminti da kayan ɗaki suna tashi. A kan haraji ba ta da shi. Bashin gwamnati da Naira aka rubuta shi, kuma ba ya bin farashin kasuwa: 361,200 ɗin da ya hau kanka shi ne dai za a karɓa a Maris ko kwanon masara ya ninka. Naira ce kaɗai ajiyar da ta yi daidai da bashin Naira. Riɗi yana iya tashi, yana kuma iya faɗuwa, rago yana ci yana ciwo, kuma wanda ya kai dabba Maigatari ranar Alhamis ko Gujungu ranar Lahadi dole ta sa shi, dillalai suna ganewa tun daga tafiyarsa. Idan caca da farashi ta ci, ribar kaɗan ce a kan dubu ɗari uku, idan ta ƙi, ka rasa kuɗin da ba naka ba. Haka batun yake ga mai karɓar dala. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023 mun ga dala ta tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500, mun kuma ga ta sauko a wasu lokuta. Ka rubuta ranar da kuɗin suka shigo da canjin ranar, ka canza kason haraji zuwa Naira, sauran ka yi yadda ka ga dama. Wanda yake gudun kuɗin ruwa kuma yana da mafita, akwai bankunan da ba sa mu'amala da riba irin su Jaiz da TAJ, ko asusu na yau da kullum wanda ba a haɗa shi da kati ko manhajar waya ba.

Na biyu zai ce adashi ya ishe shi. Adashi yana koya wa hannu sakin kuɗi, wannan gaskiya ne, amma zubinsa ƙayyadadde ne kowane mako ko wata, samunka kuwa ba ƙayyadadde ba ne, kuma kwasarka tana iya zuwa a Yuli ta narke kafin Maris. Sai in uwar adashi ta yarda kwasarka ta faɗo a Fabrairu.

Na uku shi ne mai hujja mafi nauyi, kuma ba na raina ta. Zai ce, malam, watan da ba aiki, yara ba abinci, ga kuɗi a asusu, in zuba musu ido? Ba wanda zai ce maka haka, kuma mutumin da yunwa ta shiga gidansa zai taɓa kowace ajiya. Amma a dubi inda ɓarakar ta fara. Yawanci ba a watan babu take farawa ba, a watan samu ne, lokacin da miliyan ta shigo aka kashe ta kamar wata mai zuwa ma haka zai kasance, 'yan'uwa suka ji labari, aka canza waya, aka yi gudummawar biki ta fita kunya. Don haka asusun haraji shi kaɗai ba ya tsayuwa, sai da na biyu a gefensa. Matashiyarmu, bayan kuɗin aiki da haraji, abin da ya rage mata a shekara kusan miliyan 3.4 ne, wajen dubu 285 a wata. Idan ta yanka wa kanta albashin dubu 230, tana tura shi daga asusun aiki zuwa na cefane ranar ɗaya ga wata, ko an samu da yawa ko ba a samu ba, rarar watannin samu ita za ta ɗauki watannin babu, har ta tara abin da zai riƙe gida wata uku. Wannan rabuwa tana da wani amfani. Kuɗin da yayanka ya turo a kai wa Inna, ko bashin da aboki ya mayar, ba samu ba ne, amma idan sun cakuɗe da ladan aiki a asusu ɗaya, kai za ka sha wahalar bambance su gaban jami'i. Idan kuma larura ta sa ka taɓa asusun haraji, ka rubuta adadin, aikin farko da ya shigo ya fara mayar da shi. Wanda ya san hannunsa ba ya jure ganin kuɗi, ya je ofishin hukuma ya nemi yadda zai riƙa biya kashi-kashi tun shekara tana tafiya, ta banki, da sunansa da lambarsa, ya karɓi rasit kowane karo.

Na huɗu zai ce shekara nawa yana aiki ba wanda ya taɓa tambayarsa. Mai yiwuwa ne, domin a da hukuma ba ta ganin mai jinga. Amma duk ƙungiyar da ta yanke maka kashi 5 ta kai sunanka da adadin da ta biya ka, kuma sabon tsarin yana ɗaure shaidar haraji da lambar NIN, wadda ita ma take ɗaure da asusun banki. Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta sa tarar Naira dubu 100 a watan farko ga wanda bai kai bayaninsa ba, da dubu 50 a kowane wata bayan nan. Wanda bai kai nasa lissafin ba kuma ya ba jami'i damar ya ƙiyasta masa, shi kuwa mai ƙiyasi bai san kuɗin data da man janareto ba. Sannan ranar da za ka nemi kwangilar gwamnati ko takardar mallakar fili, za a ce ka kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, a nan ne mutane suke biyan na shekara uku a mako ɗaya, a kan adadin da ba su da bakin musawa. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ma bai fitar da kai ba, domin mai sunan kasuwanci a matsayin mutum ake bin sa, sauƙin da aka yi wa ƙananan kamfanoni bai shafe shi ba.

Har ma wanda ribarsa ba ta kai dubu 800 ba yana da dalilin kai bayani. A ce saurayi ya yi wa wata ƙungiya aikin tattara bayanai na dubu 600 a shekara, aka yanke masa dubu 30, ba shi da wani samu. Doka ba ta bin sa ko kwabo, dubu 30 ɗin nasa ne. Ba na ce karɓo su zai zo da sauri ba, amma wanda bai kai bayani ba bai ma buɗe ƙofar nema ba, kuma idan an rubuta masa su a matsayin rara, za su rage masa na shekarar da aiki ya buɗe.

Abin da za a riƙe zuwa Dutse, ko ofishin hukumar mafi kusa, kafin 31 ga Maris bai da yawa idan an tara shi tun Janairu: littafin da aka rubuta kowane aiki da ranarsa da cikakken kuɗinsa kafin yanka, bayanin asusun banki na shekarar, rasit na abin da aka yanke, rasit na abin da aiki ya ci, da shaidar biyan haya. Kayan aiki masu daɗewa kamar kwamfuta ko kyamara a ajiye rasit ɗinsu dabam, domin ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru. Kuma kada a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu, a biya ta asusun gwamnati a karɓi shaida.